Minti Nawa, Kuma Yaushe Za a Buɗe? Tukunyar Furesha a Kicin ɗin Zango

(Taken shiri. Sai ƙarar tukunya tana huci, a riƙa rage ta a hankali.)

Iyayenmu mata, ƙannenmu amare, da mazan da ke shiga kicin, daga Tudu zuwa Nima, Mamobi, Sabon Zango, Madina har Ashaiman, barkanmu da war haka. Wannan hucin da kuka ji na tukunyar furesha ne, tukunyar nan mai murfin da ake kullewa, kuma a kanta za mu yi hirarmu ta yau.

Akwai wata Hajiya da muka zauna gida ɗaya a Mamobi. Ɗanta ya aiko mata da irin wannan tukunya daga Turai, amma shekara uku tana saman kabad, a tsakiyar kwanukan ado. Ranar da na tambaye ta dalili, sai ta ce mini, "Ɗiyata, sau ɗaya na ɗora wake a cikinta. Har yau in kin ɗaga kai za ki ga tabon a jikin silin." Na ce, "Hajiya, da kika kashe wuta me kika yi?" Ta ce, "Me zan yi? Baƙi na jira. Na sa cokali na ɗage ƙarfen nan da ke kan murfi." To a nan matsalar take. Adadin mintocin da ta ba waken daidai ne, ruwan ma bai yi kaɗan ba. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne, a wannan tukunya, yadda za ki sauke tururi sashe ne na dahuwar, daidai da wutar da kika kunna.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin tukunyar, don in kin gane shi ba sai kin haddace komai ba.

Mu nan Ankara a bakin teku muke, ruwa yana tafasa ne a digiri 100. A tukunyar da ba a kulle ba, ko kin zuba gawayi buhu guda, ruwan ba zai wuce wannan zafin ba, sai dai ya ƙone ya zama tururi ya tafi. Tukunyar furesha tana tsare tururin. Da ya taru sai ya danne ruwan, ya hana shi tafasa har sai zafinsa ya kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 ɗin shi ke mayar da dahuwar awa uku ta koma ƙasa da awa ɗaya. Dabarar ta daɗe. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera ta farko a Landan a 1679, kuma abin da ya fara nuna wa mutane da ita shi ne yadda take tausasa ƙashi.

Yanzu ki riƙe wannan hoton. Lokacin da kika kashe wuta, ruwan da ke ciki yana nan a digiri 120, kuma abin da kawai ya hana shi ɓarkewa da tafasa shi ne tururin da ke danne shi. Kin san kwalbar lemo da aka girgiza. In kika buɗe ta farat ɗaya, kumfa ce za ta yi tsiri ta jiƙe ki. In kika ajiye ta ta natsu, lafiya lau za ki sha. Haka tukunyar take. Kuma ruwan da ke cikin kowace ƙwayar wake da kowace tsokar nama shi ma yana wannan zafin. In kika saki tururi da sauri, ruwan cikin waken zai tafasa daga ciki, ɓawon ya tsage, ƙwayar ta fashe, kumfa ta bi bututu ta yi sama. Abin da ya sami silin Hajiya ke nan.

Don haka hanyar sauke tururi iri uku ce. Ta farko, ki kashe wuta ki bar tukunyar ta huce da kanta, har ɗan ƙarfen alama da ke jikin murfi ya faɗa ƙasa. Wannan kan ɗauki minti 10 zuwa 20, gwargwadon cikar tukunyar. Ta biyu, sakin gaggawa: ki buɗe wa tururi hanya ya fita cikin minti ɗaya ko biyu. Ta uku tana tsakani: ki jira minti 10, sannan ki saki ɗan abin da ya rage. Wake, hatsi, nama mai romo, da duk abin da ke kumfa, a bar su su huce da kansu. Shinkafa tana son ta ukun. Sakin gaggawa na abin da ke saurin narkewa ne, kamar dankali, karas da doya yanka-yanka, waɗanda in aka bar su cikin zafin nan minti 15 za su koma fate.

Kafin in fara ba ku mintoci, sai mun yarda a kan lokacin da ake fara ƙirga su, domin nan ne da yawa ake samun saɓani. Wata za ta ce wake minti 10, wata ta ce ita minti 25 take yi, alhali duk abu ɗaya suke faɗa. Ba daga lokacin da kika ɗora tukunya ake ƙirgawa ba. Ki ɗora a wuta mai ƙarfi, ki jira har ƙarfen kan bututu ya fara rawa yana huci, ko tukunyar ta yi fito na farko, ko alamar murfi ta taso. Daga wannan lokacin agogo ya fara aiki. Nan take kuma ki rage wuta sosai, ta yadda hucin zai ci gaba a hankali. In kika bar wutar tana ci, abincin ba zai ƙara saurin nuna ba ko da minti ɗaya, ruwanki ne zai tsere ta bututu, gindin tukunya ya kama, gas ɗinki ya tafi a banza. Masu irin tukunyar da ke fito lokaci-lokaci sun saba cewa fito uku, fito biyar. Ni ba na dogara da wannan, don yawan fiton ya danganta da ƙarfin wuta. Ki duba agogon wayarki.

Duk mintocin da zan faɗa na tukunyar kan gas ne. In taki mai lantarki ce, zafinta bai kai na waccan ba, sai ki ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu: abin minti 20 ki ba shi 25.

To, wake. Farin waken nan mai baƙin ido da muke aunowa a kasuwar Nima ranar Laraba, in ba ki jiƙa shi ba, minti 10 zuwa 12 ya ishe shi, sannan ki bar tukunya ta huce da kanta. In kin jiƙa shi ya kwana, minti 4 zuwa 5 kacal. Na san wata za ta ce wane irin wake ne ke nuna a minti 5. Ki tuna yana ci gaba da dahuwa a tsawon mintocin da tukunya ke hucewa, kyauta, ba wuta. Idan kuma na gari da wake ne, wanda ake so ya yi laushi ya haɗe da manja, ki ba wanda ba a jiƙa ba minti 15 zuwa 18. Kofi ɗaya na wake, ruwa kofi uku.

Gujiya, wadda ake aboboi da ita, taurin kai ne da ita. Kada ki ɗora ta sai ta kwana a ruwa. Bayan jiƙo ki ba ta minti 25 zuwa 30, ta huce da kanta.

Akwai ƙa'ida ɗaya a kan wake da ba na sassautawa: wake da ruwansa kada su wuce rabin tukunya. Sauran abinci yana iya kai kashi biyu cikin uku, amma wake yana kumbura, yana kumfa, ɓawonsa yana tasowa, kuma ramin bututun nan bai fi tsinken tsire faɗi ba. Ɓawo ɗaya ya isa ya toshe shi. Ki zuba cokali ɗaya na man girki a ruwan, yana kwantar da kumfa.

Sai maganar kanwa. Iyayenmu suna jefa kanwa a wake ne don ta rage musu awannin zama gaban murhu, kuma gaskiya tana yi. Amma tukunyar furesha ta riga ta yi wannan aikin. In kika sa kanwa yadda kika saba, waken zai dame, kumfar ta ninka, kuma in tukunyar ta alminiyon ce, cikinta zai yi baƙi, a hankali ya fara ramuka. Ki bar ta gaba ɗaya, ko ki sa ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkuna. Gishiri kuwa, duk da abin da ake faɗa, ba ya taurara wake, ki sa shi tun farko. Abin da ke taurara wake tsami ne. Tumatir, musamman na gwangwani, in ya shiga tun farko, ɓawon zai ƙi laushi. Sai waken ya nuna sannan tumatir ya shiga.

Wani lokaci za ki bi duk wannan, ki buɗe, ki tarar waken yana da sauran ƙarfi. Galibi tsohon wake ne. Waken da ya daɗe a buhu cikin zafi da laimar garin nan yana taurare ta yadda ruwa ke wahalar ratsa shi. Ki mayar da murfi ki ƙara minti 5. Gobe in za ki dafa daga wannan awon, ki jiƙa shi cikin ruwa mai ɗan gishiri.

Yanzu mu dafa abinci ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ba wanda ya fi dacewa kamar shinkafa da wakenmu, wadda duk Gana ta karɓa take kira waace, sunan da ya fito daga kalmarmu ta wake. Wahalar wannan abinci a tukunyar furesha ita ce, mutum biyu ne a mota ɗaya, tafiyarsu ba ɗaya ba. Wake yana son minti 11, shinkafa tana son minti 3. In kika zuba su tare, ko dai waken ya fito da tsakuwa a cikinsa, ko shinkafar ta zama tuwo.

A ce tukunyarki mai lita 6 ce, gidan mutum biyar ko shida. Ki auna wake kofi ɗaya, shinkafa kofi biyu, da kofin shayi madaidaici. Ki fara da karan dafi, amma kada ki kulle murfi a kansa. Ganyen nan mara nauyi ne, yana tasowa saman ruwa, yana iya manne wa bakin bututu. Ki wanke shi, ki tafasa shi a buɗe cikin ruwa kofi biyar kamar minti 10, da 'yar tsunkunar kanwa in kina son jan ya fito sosai, sannan ki tsame shi tas. Jan ruwan da ya rage zai kai kofi huɗu da rabi. Ki zuba waken da cokalin mai, ki kulle. Da ta fara huci ki rage wuta, ki ƙirga minti 7. Da gangan muka rage masa, don zai sake shiga wuta. Ki kashe, ki jira minti 10, sannan ki saki sauran tururin a hankali, kaɗan-kaɗan. In kin ga ruwa ya fara fitowa tare da tururin, ki rufe ki ƙara jira.

Ki buɗe, murfin yana kallon can, ba fuskarki ba. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki matsa tsakanin yatsu. Abin da ake so shi ne ta murƙushe amma ki ji ɗan ƙarfi a tsakiya. Sai ki zuba shinkafar da kika wanke kika tsane, da gishiri, ki juya sau ɗaya, ki kankare gindin tukunya kada wani abu ya manne. Ki duba ruwan. Ya kamata ya rufe shinkafar da kamar rabin gaɓar yatsa. In ya fi haka ki kwashe, in bai kai ba ki ƙara ruwan zafi. A tukunyar gargajiya muna zuba ruwa da yawa don rabinsa tururi zai tafi da shi. A nan ba inda zai je, duk abin da kika zuba shinkafar ce za ta shanye. Kofi ɗaya na shinkafa, ruwa kofi ɗaya da rabi, a mai lantarki ma kofi ɗaya da kwata ya isa.

Ki sake kullewa. Wannan karon za ta yi saurin hucin, don komai da zafinsa. Shinkafa mai ƙanshi minti 3, wadda aka turara minti 5 zuwa 6. Ki kashe wuta, ki ɗauke tukunyar daga kan murhu, kada ki taɓa ta sai bayan minti 10. Waɗannan mintoci 10 su ne turarar da muke yi da rage gawayi a ƙarƙashin tukunya. In kika buɗe kafin su cika, za ki ga ruwa a ƙasa, ƙwayar shinkafa kuma cikinta fari ɗanye, har ki ce tukunyar ba ta iya shinkafa ba. Daga ɗora karan dafi zuwa kwashewa, duk aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma kusan minti 20 a ciki wuta a kashe take. Kina da lokacin dafa taliya da ƙwai, ki ɗumama shito.

In kuma kin tuna tun dare kin jiƙa waken, kuma shinkafarki turararriya ce, to tafiyarsu ta zo ɗaya. Ki zuba su tare cikin jan ruwan, minti 6, ta huce da kanta. Wannan ita ce hanyar da nake bi ranar aiki.

Ga masu sana'a da ke dafa babbar tukunya tun asuba, shawarata ku bar shinkafar a tukunyarku ta kullum, ku yi amfani da furesha wajen wake da nama kawai. Nan ne take rage muku itace.

Sauran hatsi ba zan daɗe a kansu ba. Shinkafar da ba a cire mata dusa ba tana son minti 20 da ruwa kusan kofi biyu. Alkama ko dawa ƙwaya-ƙwaya, wajen minti 30 da ruwa kofi uku, in an jiƙa ya ragu. Duk su huce da kansu, duk kuma kada su wuce rabin tukunya. Amma duk abin da aka niƙa ya zama gari, kada ki kulle shi a tukunyar nan. Tuwo zafi, koko, kunu, banku. Kauri gare su, ba sa ba da tururi yadda ya kamata, gindi ya ƙone, sama ya yi tsalle ya toshe bututu. Haka miyar ayoyo, kuɓewa da kuka. Ki dafa namansu a furesha, ki kaɗa miyar a buɗe.

(Ɗan kiɗa.)

Mu koma kan nama, inda tukunyar nan ta fi biyan kuɗinta. Abin da ke sa nama tauri jijiya ce da guringuntsi, kuma zafi mai yawa cikin ruwa yana narkar da su su koma danƙon nan da ke sa romon ƙafar saniya yana kama leɓe. Shi ya sa naman da ya fi wahala shi ya fi dacewa da ita. Hanta, ƙoda da kifi ba su da wannan jijiyar, ba su da aikin yi a ciki.

Naman sa da aka yanka kamar girman ƙwai, minti 20 zuwa 25. Akuya da tunkiya ma haka. Rago babba irin na Layya, musamman wuya da ƙwauri, ki kai shi 30. Tumbi minti 30 zuwa 35. Wutsiyar sa 40 zuwa 45. Ƙafar saniya, wadda kan cinye rabin yini a kan gawayi, minti 45 zuwa awa ɗaya. Ganda ta danganta da yadda mai sayarwa ta jiƙa ta, don haka ki fara da minti 15 ki duba, kada ta narke ta ɓace miki a romo. Kaji kuwa sai kin san wadda kika saya. 'Yar gona mai laushi, irin ta kwali da ake sayarwa a daskare, minti 8 zuwa 10 ta nuna, in ta kai 20 ƙashi ne zai rabu da tsoka. Tsohuwar kaza da ta gama ƙwai, ko zakaran gida, minti 25 zuwa 30. Zabuwa tana tsakani, 15 zuwa 20.

Girman yanka ne ke ƙayyade lokaci, yawan naman ba ya canza shi. Kilo ɗaya da kilo biyu duk minti 25 ne in yankan iri ɗaya ne, sai dai kilo biyun zai fi daɗewa kafin tukunya ta fara huci. Kuma nama yana fitar da ruwansa, don haka ba sai kin nutsar da shi ba. Kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa dahuwar minti 25, da albasa, citta, tafarnuwa, kimba da gishiri. Na awa ɗaya kamar ƙafa, ki sa ruwan ya kusa rufe shi. Abin da ba a yi shi ne kulle tukunya ba ruwa, ko a cika ta da mai a ce za a soya a kulle.

Me ya sa nama yake son tukunya ta huce da kanta? Ki gwada da idonki sau ɗaya. In kika saki tururi farat ɗaya kika tsamo naman, za ki ga yana hayaƙi sosai, kafin minti biyu samansa ya yi duhu ya bushe, tsokar ta rarrabe kamar igiya. Ruwan cikinsa ne ya tafasa ya fice. Romon ma ya gauraye da kitse ya yi duhu-duhu. In kuwa ya huce cikin romonsa, zai fito da laushi da danshi. Ko kina sauri, ki ba shi minti 10 kafin ki taɓa bututu.

Ranar Sallar Layya ne aka fi yin kuskuren haɗa komai a tukunya ɗaya: kai, ƙafa, tumbi, hanji da tsoka. Lokacin da ƙafa za ta nuna, tsoka ta zama zare. Ki jera su bisa taurinsu. Ki fara da ƙafa minti 25, ki jira ta ɗan huce ki buɗe, ki ƙara tumbi da tsoka, ki sake ba su 30. A tsakiyar dahuwa irin wannan, sakin tururi da wuri ba ya ɓata ƙafar, don za ta koma cikin romo, muddin tukunyar ba ta cika ba. Haka in za ki sa dankali ko doya a farfesu: nama ya gama nasa, a zuba su, a ba su minti 4 zuwa 5, sannan a yi sakin gaggawa. Miyar gyaɗa kuwa, ki dafa naman a kulle, ki dama gyaɗar ki ƙarasa a buɗe, don tana kwanciya a gindi ta ƙone kafin tukunyar ta fara huci.

Yadda ake sakin gaggawar shi ma yana da ladabi. Ki kashe wuta tukuna. Ki sa dogon cokali ki karkata ƙarfen, kada ki cire shi gaba ɗaya. Hannunki da fuskarki kada su ratsa ta saman bututu, kuma ki kori yara, musamman a gidajenmu na haya inda ake girki a baranda, 'ya'yan maƙwabta suna wucewa ta bayanki. Tukunyar kan gas ana iya kai ta famfo a zuba ruwan sanyi a gefen murfi, ban da kan bututu, tururin ya kwanta nan da nan. Mai lantarki ba a yi mata haka. Ita akwai ɗan maɓalli a murfinta, a Sealing yake zama lokacin dahuwa, a juya shi zuwa Venting in za a saki. In an ɗauke wuta kina tsakiyar dahuwa da ita, kada ki yi kokawa da murfi. Ki lura da minti nawa ta yi, ki bar alamar ta faɗa da kanta, sannan ki duba. Sau da yawa wake ko shinkafa za ki tarar sun nuna.

Murfin da ya ƙi buɗuwa yana gaya miki akwai sauran tururi ne. Kada ki sa ƙarfi, kada ki kira maigida ya murɗe shi. Ki jira.

Tukunyar tana magana in kin saurare ta. In tururi yana fita ta gefen murfi, ruwa yana ɗiga, ta ƙi yin huci, robar murfin ce ta saki, ko ta tsage, ko ba ta zauna daidai ba. Ki ciro ta ki lanƙwasa, in ta taurare ko kin ga tsaga, ki nemi sabuwa daidai girman tukunyar. In kuma tana cikin huci ta yi tsit alhali wuta na ci, ki kashe wutar nan take ki matsa gefe: ko bututu ya toshe, ko ruwa ya ƙare. Shi ya sa kullum kafin ki kulle, ki ɗaga murfin sama ki leƙa ramin bututu. In kin ga haske, ki ɗora. In ba ki gani ba, ki sa tsinke ki buɗe shi. Akwai kuma wani ɗan mafitar tsaro a jikin murfi wanda ke buɗewa in bututu ya toshe. In ya lalace a sake shi da irinsa. Na taɓa ganin wadda aka toshe nata da ƙusa aka like, kuma wannan tukunyar ba ta da sauran abin da zai kare mai ita.

Masu kurfoti suna tambaya ko za a iya ɗora ta a gawayi. Ana iya yi, amma sai da kula, don ba ki da maɓallin rage wuta. Da ta fara huci ki kwashe mafi yawan garwashin, ki bar kaɗan, kuma kada harshen wuta ya hau gefe ya cinye marikin roba.

In tsautsayi ya faɗa tururi ya ƙona mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a tafi asibitin Mamobi ko mafi kusa, manyan ƙuna kuma akwai sashensu a Korle Bu.

Hajiyar da na ba ku labari, ranar wata Juma'a muka sauko da tukunyar tare. Robar ta bushe saboda ajiya, sai da muka sake ta. Muka ɗora ƙafar saniya, na ajiye mata waya a gabanta tana ƙirga minti 50. Da muka kashe wuta ta miƙa hannu wajen cokali, na ce, "Hajiya, ki je ki yi alwala tukuna." Kafin ta idar da sallar La'asar alamar ta faɗa. Ta buɗe, ta sa cokali, ƙashin ya zame daga fata da kansa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Taken shiri.)